Zanen Gini da Takardar Izini: Abin da Hukuma ke Dubawa

A Najeriya, dokar tsara birane da yankuna ta shekarar 1992 ta wajabta wa mai niyyar yin gini ya nemi izini kafin ya haƙa harsashi. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da wannan izini, a Kaduna kuwa KASUPDA. Ƙa'idojin jihohi sun ɗan bambanta, amma zane-zanen da ake nema kusan iri ɗaya ne, kuma kowanne yana amsa wata tambaya da jami'in hukuma zai yi.

Na farko shi ne taswirar safiyo, wadda ke nuna iyakokin fuloti, da girmansa, da lambobin duwatsun shaida da aka kafa a kusurwoyinsa. Ana haɗa ta da takardar mallakar fili, kuma dole suna da lambar fuloti su zo daidai a kan takardun biyu. Sai zanen zaman gini a cikin fili, wanda ke nuna inda gidan zai tsaya, da ratar da ke tsakaninsa da katanga ta kowane ɓangare, da ƙofar shiga, da wurin rijiya ko bohol, da sokawe, da inda ruwan sama zai bi ya fita.

Daga nan sai aikin mai zanen gini: shimfiɗar ɗakuna ta kowane hawa da awonsu, fuskokin gidan guda huɗu, tsarin rufi, da zanen da ke nuna gidan kamar an tsaga shi daga rufi zuwa harsashi domin a ga tsayin bango da zurfin tushe. Yawanci ana zana waɗannan a ma'aunin 1:100 ko 1:50. Idan bene ne, sai an ƙara zanen injiniya mai nuna ginshiƙai, da kaurin rodi da tazararsa, da kaurin kankare, tare da lissafin nauyin da ginin zai ɗauka. Manyan gine-gine kuma akan nemi sakamakon gwajin ƙasa da zanen wayoyin lantarki da na famfo. Zanen gini yana buƙatar hatimin mai rajista da ARCON, na injiniya kuma hatimin mai rajista da COREN.

Babban abin da ke sa a mayar da takarda shi ne cinye ratar da ya kamata a bari. Misali, fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin mita 15 a faɗi da 30 a tsawo, wato murabba'in mita 450. Idan ƙa'idar unguwar ta ce a bar mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe, abin da ya rage na gini shi ne mita 9 da 21, wato murabba'in mita 189. Wanda ya kawo zanen gida mai faɗin mita 12 ya bar mita ɗaya da rabi kacal a kowane gefe, don haka za a mayar masa. Gyaran shi ne a matse ɗakunan, ko a ɗaga wasu zuwa sama, wanda kuma zai jawo buƙatar zanen injiniya. Wannan rata ita ce ke ba ɗaki iska da haske, tana kuma rage saurin tsallakar gobara zuwa gidan maƙwabci.

Dalili na biyu shi ne saɓani tsakanin zane-zanen. Sau da yawa mai gida kan sa a ƙara ɗaki ko a matsar da taga bayan injiniya ya gama nasa aikin, sai a tarar da ginshiƙi a tsakiyar taga, ko bangon sama ba shi da abin da zai tokare shi a ƙasa. Jami'i yana gano haka da zarar ya jera takardun biyu.

Na uku ya shafi filin kansa. Fulotin da aka ware don gidan zama ba a amincewa da jerin shaguna ko gidan mai a kansa sai an nemi izinin sauya amfanin fili. Haka nan ba a ba da izini a kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko cikin mita 45.72 daga tsakiyar babban titin gwamnatin tarayya. Irin wannan matsala gyaran zane ba ya magance ta, shi ya sa ya kamata a bincika matsayin fili a hukuma tun kafin a biya kuɗinsa.

Ragowar dalilan masu sauƙin gyara ne: rashin hatimi, ɗakin kwana da ba shi da taga mai buɗewa waje, sokawe dab da rijiya, ko rashin rasidin kuɗin hukuma da shaidar biyan haraji. Bayan an samu izini, wajibi ne a gina abin da aka amince da shi, domin jami'ai kan ziyarci wurin aiki, kuma ginin da ya saɓa wa zanen ana iya dakatar da shi ko a rushe shi.