Hoton Fasfo da Ƙofar da Masu Kutse Ke Bi

Duk lokacin da aka buɗe rajistar shiga makaranta ko ɗaukar aiki, shagunan intanet kan cika da matasa masu ɗora hoton fasfo da takardun shaida. Wannan ɗan akwatin da ake ɗora fayil a cikinsa shi ne wurin da baƙo ke da ikon ajiye kayansa a kwamfutar makaranta, wadda ake kira saba. Shi ya sa masu kutse ke fara gwada sa'arsu daga nan.

A ɗauki misalin wata makaranta da ke son hoto nau'in JPEG ko PNG wanda bai wuce megabait 2 ba. Aikin farko na mai gina fom ɗin shi ne kafa iyakar nauyi, kuma dole iyakar ta zauna a saba. Gargaɗin da ke fitowa a wayar ɗalibi yana rage masa asarar data, amma mai mugun nufi zai iya kewaye shafin ya aika fayil kai tsaye. A harshen PHP, saiti biyu ne ke riƙe da wannan:

```
upload_max_filesize = 2M
post_max_size = 3M
```

Na farko yana auna fayil ɗin kansa, na biyu kuma yana auna dukan abin da fom ya ɗauko, don haka dole ya ɗara na farko. Idan kaya suka wuce na biyun, PHP kan miƙo fom fanko, har sunan ɗalibin ya ɓace. Haka nan manhajar nginx, idan ba a sauya `client_max_body_size` ba, takan tsaya a megabait 1, ta mayar da lambar 413. Duk wanda ya ga wannan lamba, to fayil ɗinsa ya yi nauyi tun daga bakin ƙofa.

Sanin nau'in fayil ya fi wuya. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya gamsuwa da rubutun jikin buhu, sai ya tsokala ya ga ƙwayar da idonsa. Sunan fayil ma rubutun buhu ne: kowa na iya ɗaukar mugun umarni ya raɗa masa `fasfo.jpg`. Bayanin `Content-Type` da ke rakiyar fayil shi ma daga hannun mai aikawa yake fitowa, saboda haka ba shaida ba ne.

Abin da ake dubawa shi ne bait na farko-farko a cikin fayil ɗin. Kowane JPEG yana farawa da `FF D8 FF`, PNG da `89 50 4E 47`, takardar PDF kuwa da `%PDF`. A PHP, `finfo` ne ke yin wannan binciken. Makarantar sai ta rubuta nau'i biyun da ta yarda da su, ta ƙi duk wani abu daban. Jera abin da aka haramta ba ya kai ko'ina, domin kullum akwai wanda za a manta.

Duk da haka, mai wayo na iya sa sahihin farkon JPEG ya ɓoye umarni a bayansa. Maganin wannan shi ne saba ta buɗe hoton ta sake zana shi a sabon fayil, ta jefar da na asali. Yin haka yana kuma share bayanan EXIF, waɗanda sau da yawa ke ɗauke da daidai wurin da aka ɗauki hoton, wato gidan ɗalibin.

Buɗe hoton ma yana da nasa haɗarin. Hoto mai launi ɗaya, faɗi 20,000 tsawo 20,000, yana matsuwa ya zama ƙarami ƙwarai, har ya wuce iyakar nauyi lafiya lau. Da zarar an buɗe shi, ɗigo miliyan 400 ne, kowane na cin bait 3, wato gigabait 1.2 a ƙwaƙwalwar saba. Shi ya sa ake karanta faɗi da tsawo tukuna, a ƙi duk wanda ya zarce ƙima. Sannan manhajar sarrafa hoton na bukatar sabuntawa a kai a kai: a 2016 an gano wata kafa a ImageMagick, aka sa mata suna ImageTragick, wadda ke ba fayil mai kamar hoto damar gudanar da umarni a saba.

Matakin ƙarshe shi ne ajiya. Idan wani ya ɗora `fasfo.php` ya faɗa jakar da kowa ke iya kira ta adireshi, buɗe shi kawai zai yi saba ta bi umarninsa. Don haka makarantar ta zubar da sunan da ɗalibi ya kawo, ta ƙirƙiri sabo na haruffan da ba a iya hasashe, ta ajiye hoton a jakar da ke wajen shafin. Idan jami'in rajista ya nemi hoton, manhaja ce za ta fara tabbatar da izininsa kafin ta miƙa masa.