Salsalar ƙwayar Lassa: yadda ake zana ta da yadda ake gwada rassanta

Tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, masana ke bin salsalar ƙwayar cutar. Wani bincike na shekarar 2000 ya raba ta gida huɗu: uku a Najeriya, ɗaya a Saliyo da Gini da Laberiya, daga baya aka gano wasu. Ƙwayar cuta ba ta da kundin tarihi, to daga ina aka san wannan?

Daga saƙon gadon da ke cikinta, wanda ake rubutawa da haruffa huɗu: A, C, G, T. Akan jera saƙon kowane samfuri a layi guda, a daidaita layukan yadda kowane harafi zai tsaya ƙarƙashin takwaransa. Daga nan sai a riƙa karantawa daga sama zuwa ƙasa, gurbi bayan gurbi. Ga misalin da na ƙirƙira, na samfura huɗu:

```
1  A C A T
2  A C G T
3  A T A T
4  A T G C
```

Kowane gurbi tamkar shaida ne a gaban alƙali. Na farko bai ga komai ba, domin duk A ne. Na biyu ya ce 1 da 2 'yan ɗaki ɗaya ne, 3 da 4 ma haka. Na uku ya musanta, ya haɗa 1 da 3. Na huɗu ya nuna cewa 4 ya yi nasa sauyi shi kaɗai, bai haɗa kowa da kowa ba.

Samfura huɗu bishiya uku kawai za su iya bayarwa, idan ba a sa saiwa ba. Samfura goma kuwa sun haura bishiya miliyan biyu, shi ya sa aikin ya koma hannun kwamfuta. Wata hanya, wadda Saitou da Nei suka fitar a 1987, tana auna yawan bambancin da ke tsakanin samfura, ta riƙa haɗa makusanta bibbiyu. Manhajoji irin su IQ-TREE da RAxML kuma suna lalubo bishiyar da, in ita ce gaskiya, ta fi yiwuwar haifar da haruffan da ake gani.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, manhaja ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Ko shirme aka ba ta, sai ta zana bishiya. Saboda haka Joseph Felsenstein ya kawo gwajin da ake kira `bootstrap` a 1985. Idan jerin yana da gurbi 1,000, sai a yi ƙuri'a sau 1,000, kowane karo a zaɓo gurbi ɗaya, a kwafe shi, a mayar da shi cikin sauran. Wani gurbin zai fito sau biyu ko uku, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba za su fito ba sam. A zana bishiya da wannan sabon jeri, a maimaita aikin sau ɗari ko dubu, sannan a ƙirga sau nawa kowane reshe ya dawo. Wannan ce lambar da ake gani a gindin reshe.

A ce cikin gurbi 1,000 ɗin, 6 ne suka haɗa 1 da 2, 5 suka haɗa 1 da 3, babu mai goyon bayan bishiya ta uku. Bishiyar farko ce za ta yi rinjaye, amma da ƙyar, kuma ƙuri'a za ta yi ta juya sakamakon: reshen zai dawo kusan sau 60 cikin 100. Da 30 ne da 5, da ya dawo kusan kowane karo. A ido zanen iri ɗaya ne, amma na farko ba abin dogaro ba ne. Tun bayan binciken Hillis da Bull na 1993, da yawa suna ɗaukar 70 a matsayin mafarin yarda. Gwajin gaggawa na IQ-TREE, wato `UFBoot`, ma'auninsa daban ne, ana neman 95.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne ɗaukar 100 a matsayin tabbacin gaskiya. Lambar tana cewa ne kawai gurabe sun yi ittifaƙi. Idan an yi kuskure wajen daidaita layuka, ƙuri'a za ta yi ta maimaita kuskuren. Haka kuma samfura biyu da suka yi saurin sauyawa kan dace a harafi ɗaya bisa katari, tunda haruffan huɗu ne kacal, sai manhaja ta haɗa su alhali ba dangin kusa ba ne, kuma ƙarin gurabe na iya ƙara wa wannan kuskure lamba. Alamarsa dogayen rassa biyu manne da juna. Mai lura yakan cire ɗaya ya sake zanawa, ya ga ko ɗayan ya sauya wuri. Ƙwayar Lassa kuma saƙonta kashi biyu ne, L da S, don haka ana zana bishiyar kowanne daban a kwatanta. Reshen da ya tsaya a duka biyun ya fi cancantar a gina magana a kansa game da inda cutar ta biyo.