Na'urar Da Ta Koyi Karatu Daga Rubutunta Ta Ɓuge Da Zancen Zomaye

A cikin watan Yuli na shekarar 2024 ne mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da Ilia Shumailov da abokan aikinsa suka gudanar a kan na'urorin nan masu rubutu kamar mutum, irin su ChatGPT. Ita dai irin wannan na'ura ba ta iya komai sai an ɗura mata rubutun mutane mai ɗimbin yawa ta koya daga ciki. To da yake rubutun mutane yana da iyaka, tara shi kuma da tsada, sai kamfanoni suka shiga sa na'ura ta ƙago misalai da kanta, a horar da wata da su.

Masanan sun ɗauki wata ƙaramar na'ura mai suna OPT-125m, suka horar da ita da rubutun Wikipedia. Suka sa ta yi nata rubutun, suka horar da ta biyu da shi, ta biyu ta rubuta wa ta uku, haka bi da bi. An ba su wani bayani a kan ginin hasumiyoyin tsofaffin majami'un Ingila don su ci gaba da shi. Na farko-farko sun tsaya kan maganar gini. Kafin a kai ga ta tara zance ya koma lissafin zomaye, masu baƙar wutsiya, da masu fara, har da masu shuɗiya.

Dalilin ba wuyar fahimta. A ce wata kalma, kamar “lahiya” ta mutanen Sakkwato, sau ɗaya take fitowa cikin kalmomi 1,000. In na'ura ta ƙago kalmomi 1,000 bisa abin da ta koya, yiwuwar kalmar ta ƙi fitowa sam ta kai wajen kashi 37 cikin 100. In kuwa ta faɗi a wannan zagaye, shi ke nan, na'ura ta gaba ba ta da inda za ta gan ta. Abin da ke da yawa sai ya ƙara yawa, na gefe ya yi ta zubewa. Shi ya sa da wuya a gane cutar da wuri, don jimlolin suna fita sumul. Sai an ƙirga za a tarar baƙin kalmomi sun ragu, daga baya maimaici ya biyo.

Harshe irin Hausa, wanda rubutunsa a intanet bai taka kara ya karya ba, ya fi shiga haɗari, musamman karin harshen da ba a cika rubutawa ba.

Amma fa ba duk misalan na'ura ke ɓata aiki ba. A gwajin nan, da aka riƙa haɗawa da kashi 10 cikin 100 na rubutun asali a kowane zagaye, lalacewar ta ragu ƙwarai. Wasu masana kuma a 2024 sun nuna cewa in ana ƙara na na'ura a kan na mutane ne, ba a musanya shi ba, kuskuren ba ya ci gaba da hauhawa.