Kafin ka sa hoton kwastoma a shafinka

Bayan kowace Sallah, shafukan masu ɗinki a Instagram kan cika da hotunan kwastomomi cikin shadda da leshi da abaya. Da yawa daga hotunan nan ba a tambayi masu su ba. Hujjar mai shago ɗaya ce: ai kayana ne a jikinta, kuma ita ta ambaci sunan shagona a ƙasan hoton. Ambaton yabo ne kawai, bai ba shi izinin yin talla da fuskarta ba.

A ɗauki misalin amaryar da aka ɗinka wa kayan kamu. Mutum biyu ke da ta cewa a kan hotonta, kuma mai ɗinki ba ya cikinsu. Na farko mai ɗaukar hoto ne, domin a Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, sai in an yi wata yarjejeniya. Ta biyu amaryar ce, wadda dokar ta ba ta ikon hana yaɗa hoton da ta sa aka ɗauka don amfanin kanta da iyalinta. A ƙasar Hausa ma maganar ta wuce doka. Matar da ta sa hoto don ƙawayenta ba lallai ta so baƙi dubbai su gan shi ba, balle dangin miji su ci karo da shi a talla.

Saƙon neman izini ya fito fili: "Salamu alaikum Hajiya, kayan sun yi miki kyau. Za mu so mu sa hoton nan a shafinmu na Instagram da status ɗin WhatsApp. Kin amince? Mu sa sunanki ko mu ɓoye, mu bar fuska ko mu rufe?" In ta amsa, a adana amsar a rubuce. In ta yi shiru, a ɗauka ba ta yarda ba. Izinin sa hoto a shafi kuma bai haɗa da tallan da ake biyan kuɗi ko allon gaban shago ba; wannan sai an sake tambaya. Hoton yaro kuwa, iyayensa ake tambaya.

Sunan mai hoto a layin farko na bayani ake sa shi, inda ido zai gani, ba can ƙasa ba. Yanke tambarinsa daga gefen hoto don ya yi kama da aikin shago, wannan ƙwace ne. Yana iya kai ƙara wa Instagram a sauke hoton, kuma shafin da aka yi ta kai ƙararsa ana iya rufe shi.

In kwastoma ta dawo ta ce a cire, ko da ta amince a baya, a cire ranar ba tare da jayayya ba.