Baƙin Rami A Sararin Samaniya: Me Ya Sa Ko Haske Ba Ya Iya Fita Daga Cikinsa?

Haske shi ne mafi saurin duk abin da muka sani. Yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma tafiyar da yake yi daga rana zuwa gare mu ba ta wuce minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi ba. Duk da haka, malaman taurari sun tabbatar da cewa akwai wurare a sararin samaniya da idan haske ya shiga ba ya fitowa. Su ne ake kira baƙin rami. Sunan yana iya ɓatar da mai karatu, domin ba huda ba ce da aka yi a sama. Abu ne mai tsananin nauyi da ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri, har ya zama yana da iyakar da ba a tsallake ta a dawo. Za mu bi wannan mas'ala daki-daki, mu fara da bayanin da ya fi yaɗuwa, mu nuna inda ya gaza, sannan mu zo ga wanda masana suka dogara da shi.

Mu fara da dutsen da ake jefawa sama. Yana tashi, gudunsa yana raguwa, ya tsaya, ya faɗo, saboda ƙasa tana jawo shi. Idan aka ƙara ƙarfin jifa, zai ƙara nisa kafin ya dawo. To amma jan ƙasa yana raguwa gwargwadon nisan da abu ya yi, don haka akwai gudun da idan aka jefa dutse da shi ba zai taɓa dawowa ba. Wannan shi ne gudun kuɓuta. A doron ƙasa, idan muka ajiye tsaikon iska a gefe, kilomita 11.2 ne a daƙiƙa. A kan wata kilomita 2.4 ne kawai, a fuskar rana kuwa ya kai kusan 618.

Abu biyu ne ke yanke wannan adadi: nauyin abin da ke ja, da kuma kusancin mutum da tsakiyarsa. Na biyun shi ne mabuɗin maganarmu. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai kimanin kilomita 6,371. A ƙaddara an matse duniya, ba tare da an cire mata ko ƙwayar yashi ba, har wannan tazara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Nauyinta bai canja ba, amma gudun kuɓuta zai ninka sau biyu, ya koma 22.4. A sake matse ta zuwa rubu'in hakan, ya koma 44.8. Ƙa'idar ke nan: duk ninki biyu na gudu yana buƙatar ninki huɗu na matsi. Gudun haske ya ninka 11.2 kusan sau 26,800. Idan muka ninka wannan adadi da kansa, za mu sami kimanin miliyan 718. Sai mu raba kilomita 6,371 gida miliyan 718, abin da zai fito kusan milimita 9 ne. Ma'ana, da za a dunƙule duniya da tekunanta da duwatsunta ta koma kamar ɗan magarya, da gudun kuɓuta daga fuskarta ya kai gudun haske. Ita rana, sai an matse ta har daga tsakiyarta zuwa bakinta ya zama kilomita 3.

Wannan tunani ya tsufa. A shekarar 1783 wani masani ɗan Ingila, John Michell, ya yi lissafin cewa tauraron da ya ninka rana faɗi sau 500, alhali curin jikinsu iri ɗaya ne, zai riƙe haskensa, ba za a gan shi ba. Lissafin yana ba da girman da ya dace, amma dalilin da ke ƙarƙashinsa yana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, ya ɗauki haske kamar dutse, wanda zai tashi, ya rage gudu, ya faɗo. Haske kuwa ba ya rage gudu a sarari. Duk wanda ya auna shi a inda yake tsaye, adadi ɗaya zai samu. Ta biyu, gudun kuɓuta sharaɗi ne a kan abin da aka jefa aka sake shi. Kumbon da injinsa ke ci gaba da aiki zai iya barin duniya sannu a hankali, kamar mai hawa tsani, muddin mai bai ƙare masa ba. Da a ce baƙin rami tauraron Michell ne kawai, da injin mai ƙarfi ya isa ya fitar da mutum. Ga baƙin rami na haƙiƙa, babu injin da zai iya.

Amsar ta zo ne bayan da Albert Einstein ya kammala nazariyyarsa a kan ƙarfin ja a shekarar 1915. A wurinsa, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci da ke kewaye da shi, kuma komai yana bin wannan lanƙwasa ne, mai nauyi ne ko marar nauyi. Da wannan aka warware tambayar da ake yawan yi, cewa ta yaya za a ja haske alhali ba shi da nauyi: hanyar da yake bi ce ta karkata. An gwada maganar lokacin husufin rana na 29 ga Mayu, 1919. Arthur Eddington ya je tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, wata tawaga kuma ta je Sobral a Brazil, aka ɗauki hoton taurarin da ke bayyana kusa da bakin rana. An tarar sun ɗan gusa daga mazauninsu, alamar cewa haskensu ya karkata da ya gifta ta kusa da ita. Tun a 1916 kuma Karl Schwarzschild, wani Bajamushe da ke aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da lissafin yadda sarari ke kasancewa a kewayen abu mai siffar ƙwallo. A cikin lissafinsa ne wannan iyaka ta bayyana, kuma girmanta ya yi daidai da wanda muka samu a sama.

Misalin da ya fi kusantar da ma'anar shi ne na kogi. A ƙaddara kogin da ruwansa ke ƙara gudu yayin da yake tunkarar wani gangare, da kwalekwalen da injinsa ke yin kilomita 10 a sa'a, ba ya ƙari, ba ya ragi. A inda ruwa ke gudun kilomita 4, mai kwalekwale zai juya ya haura, yana cin kilomita 6 a sa'a. A inda ruwa ya kai 10, injin yana ta aiki, amma kwalekwalen yana nan wuri guda. A inda ruwa ya kai 12, ko da ya fuskanci sama, baya yake yi. Injin bai gaza ba a ko'ina cikin wuraren uku; ruwan da yake kai ne ya fi shi sauri. Lissafin Einstein yana ba da damar a siffanta sarari a kewayen baƙin rami da irin wannan kwarara zuwa ciki. A nesa tana da rauni, a kan iyakar tana kai gudun haske daidai, a ciki kuwa ta wuce shi. Wannan bai saɓa wa ƙa'idar cewa babu mai wuce haske ba, domin ƙa'idar tana magana ne a kan abin da ke tafiya a cikin sarari, ba a kan sararin kansa ba.

Saboda haka hasken da aka kunna daf da iyakar ta waje yana fita, sai dai yakan iso nesa a raunane, launinsa ya karkata zuwa ja. Wanda aka kunna a kan iyakar, aka nufi waje da shi, nan yake tsayawa. Wanda aka kunna a ciki, duk inda aka nufa da shi, tsakiya yake dosa. Tunda babu abin da ke wuce haske, abin da ya gagari haske ya gagari kowa. A cikin iyakar, nufar tsakiya ta zama kamar yadda muke nufar gobe: babu ɓangaren da mutum zai juya ya kauce mata. Ita kanta iyakar ba bango ba ce. Wanda ya faɗa cikin babban baƙin rami ba zai ci karo da komai ba sa'ad da yake tsallake ta.

Wane ne ke yin irin wannan matsi? Nauyin tauraro da kansa. Muddin tauraro yana ƙona makamashin da ke cikinsa, zafin yana turawa waje, nauyi yana dannawa ciki, su yi kunnen doki. Idan tauraron da ya ninka rana nauyi sau ashirin ko fiye ya cinye makamashinsa, cibiyarsa takan koma ƙarfe, wanda ba ya ba da zafi ta wannan hanya, sai ta rufta cikin ɗan lokaci kaɗan. Idan abin da ya rufta ya haura ninki biyu zuwa uku na nauyin rana, babu wani ƙarfi da aka sani da zai tsayar da shi. Ranarmu ba ta kai wannan nauyi ba, don haka ba wannan ne ƙarshenta ba.

A nan ya kamata mu gyara wani zato da ya yaɗu, cewa baƙin rami yana zuƙe duk abin da ke sama. Da za a ɗauke rana a ajiye baƙin rami mai nauyinta a gurbinta, da duhu da sanyi sun lulluɓe mu, amma duniya za ta ci gaba da zagayenta na shekara kamar yadda ta saba. A nesa, jansa daidai yake da na kowane abu mai nauyinsa. Haɗarin yana ga wanda ya matso sosai.

Wannan zagaye ma shi ne ya tona asirinsa. Tun daga shekarun 1990, tawagogin Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka riƙa bin taurarin da ke tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke ciki. Ɗaya daga cikinsu, mai suna S2, yana kammala zagaye cikin kimanin shekara 16 a kewayen wani abu da ba ya haske. Daga girman zagayen da tsawon lokacinsa aka gano cewa abin ya ninka rana nauyi kusan sau miliyan huɗu, kuma yana cushe a wuri ƙarami. Wannan aiki ya ba su rabin kyautar Nobel ta 2020, ɗaya rabin kuma aka ba Roger Penrose. A ranar 10 ga Afrilu, 2019 aka fitar da hoton farko, na wanda ke tsakiyar garken M87, mai ninkin rana kusan biliyan 6.5. Zoben haske da ke cikin hoton ba daga cikin ramin ya fito ba. Iska ce mai tsananin zafi da ke kewaya shi ta waje, duhun tsakiya kuwa inuwarsa ce.

Iyakar tana cikin abin da lissafi ya fayyace kuma awo ya ƙarfafa. Tsakiyar ramin ita ce inda lissafin Einstein ke tsayawa, domin a can yana ba da curi marar iyaka, abin da masana ke ɗauka alama ce cewa nazariyyar ta kai ƙarshen ikonta. Kuma wanda ya tsallaka ya ga abin da ke can ba shi da hanyar aiko mana da labari, tunda duk saƙon da zai aiko, da haske ne ko da abin da bai kai shi sauri ba.