Taya abokin aiki murnar ƙarin girma: me za a ce, yaushe?

A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara 3 a kan matakinsa kafin ya zauna jarrabawar ƙarin girma, daga mataki na 15 kuwa shekara 4 ne. Ko ya ci jarrabawar, idan babu gurbi haka zai ci gaba da jira. Saboda haka wanda aka ɗaga ya sha jira, bai kamata a sallame shi da "barka" a bakin ƙofa kawai ba.

Abu na farko shi ne haƙuri har takarda ta fito. Ji-ta-ji-tar "sunanka na ciki" takan riga takarda zagaya ofis, wani lokacin kuma jerin ƙarshe ya fito babu sunan. Wanda ya yi gaggawar taya murna ya jefa abokinsa cikin kunya.

A ɗauka wata Hajiya ce a sashen kuɗi ta tashi daga mataki na 16 zuwa na 17, ta zama darakta. Na ƙasa da ita zai same ta a ofis, a gaisa, sannan ya ce: "Ranki ya daɗe, mun ji abin alheri. Mu da muka ga yadda kika tsaya a kan lissafin ƙarshen shekara har aka rufe shi ba gyara, mun san an ajiye abu a muhallinsa. Allah ya taya riƙo." Jimlar tsakiyar nan ita ce ke da nauyi. Addu'a kowa zai yi, amma ambaton wani aiki takamaimai yana nuna cewa ka lura da wahalarta. Idan a rubuce ne, layi uku sun isa, a kuma sa sabon muƙamin daidai.

Sa'anta da suka fara aiki tare yana iya tsokanarta a keɓe. A gaban ƙananan ma'aikata kuwa, ya kira ta da muƙaminta.

Akwai maganganun da ke ɓata gaisuwar. "Sai a riƙa tunawa da mu" roƙo ne, ko da an faɗe shi da dariya. "Ashe dai kina da hanya" kuwa zargi ne. Masu tambayar yaushe za a yi walima su ma su sassauta, domin sabon albashi yakan ɗauki watanni bai fara shiga ba, balle ariyas.

Sai kuma a duba wanda ke zaune a ɗakin. Sau da yawa akwai wanda suka zauna jarrabawa tare amma bai samu ba. Idan yana wurin, a taƙaita yabo, a bari sai an keɓe da mai ƙarin girman, shi kuma a same shi daga baya a gaisa kamar kullum, ba tare da yi masa jaje a gaban jama'a ba.