Ƙin Cin Abinci Bayan Yaye: A Duba Abin da Yaro Ke Sha Kafin a Yi Masa Ɗura

"Ba ya cin komai" shi ne ƙorafin da iyaye mata suka fi yi a kan yaro ɗan shekara 1 zuwa 3. An dama kunu ya kau da kai, an tuƙa tuwo ya yi loma biyu ya sauka, sai uwa ta yi ta bin sa da kwano a tsakar gida. Kaka ta ce a yi masa ɗura, maƙwabciya ta ce a sayo maganin sa cin abinci a kemis. Sau da yawa kuwa yaron lafiyarsa ƙalau, cikinsa ne a cike da abin da ba a lissafa shi a cikin abinci.

Akwai dalilin da ya sa cin yaro ke raguwa a wannan lokaci. Jaririn da aka haifa da kilo 3 yakan kai wajen kilo 9 kafin ya cika shekara. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Girman ya rage gudu, don haka yunwar ma ta ragu. Ga shi kuma ya fara tafiya, ya koyi cewa "a'a", kuma a daidai shekarun nan ne yara ke ƙyamar duk abincin da ba su saba gani ba. Cikin nasa ma ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa ɗan wata 12 zuwa 23 abin da bai wuce kofi ɗaya mai cin mililita 250 ba a kowane zama, sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Uwar da ta cika kwanon sha da shinkafa, yaro ya ci rabi ta ce bai ci ba, wataƙila ya ci daidai cikinsa ne.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara 2 da aka yaye, mu bi yininta. Da sassafe an haɗa mata shayi da madara da sukari cike da kofi. Da hantsi yayanta ya sayo biskit ya ba ta. Kafin azahar ta yi rigima, aka lallashe ta da lemon kwali. Da aka sauke abincin rana, cokali uku ta ci. La'asar baba ya dawo da alawa da yogot. Da dare ta ƙi tuwo, uwa ta ji tausayi kada ta kwana da yunwa, ta sake haɗa shayi, wani lokaci har da na tsakar dare. Yarinyar nan ba ta taɓa samun awa uku cikinta a sake ba. Ta kuma gane wani abu: in ta ƙi tuwo, abu mai zaƙi na tafe.

Shayin nan yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Ganyensa na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, madarar shanu kuma ba ta da shi sosai. Sinadarin ƙarfe shi ke gina jini, kuma ƙarancin jini da kansa yana kashe sha'awar abinci. Sai a yi ta zagaye wuri guda: ba ta ci, ana ƙara shayi, cin na ƙara raguwa.

Gyaran yana farawa ne daga lokaci. A tsayar da karin kumallo, abincin rana da na dare, a sa abin taɓawa na kirki a tsakani, kamar ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai ko ƙosai, ta yadda awa 2 zuwa 3 za ta raba kowane ci da na gaba. Tsakanin waɗannan, ruwa kawai. Madara kada ta wuce rabin lita a yini, a ba da ita a kofi bayan abinci, a kuma cire ganyen shayi gaba ɗaya. In yaron yana shan nono har yanzu, a ci gaba da ba shi, amma abinci ya riga.

Sai yadda ake zaman cin. A zuba wa yarinyar kaɗan a kwanonta ita kaɗai, domin in tana haɗa hannu da yayye ba za a san abin da ta ci ba. A zauna tare da ita ana ci, a bar ta ta sa hannu ko da za ta ɓata riga, a kashe talabijin, a ajiye waya. A kowane zama a haɗa da abu ɗaya da aka san tana ci, sabon abu kuma a ɗan ɗora a gefe ba tare da magiya ba. Yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu muke gwadawa mu yanke hukunci cewa ba ya son wake. Bayan minti 20 zuwa 30 a ɗauke kwano ba faɗa, kuma ba a maye gurbinsa da biskit. Kwanakin farko za a sha kuka. A nan ne tsarin ke rushewa in ba a haɗa kai da maigida da kaka da yayye ba, don mutum ɗaya mai alawa a aljihu ya isa ya warware aikin.

Tunda kaɗan take ci, kaɗan ɗin ya zama mai amfani. Koko tsararo ruwa ne ke cika ciki. A dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya. A fate ko alala a ƙara cokalin manja, da dakakken kifi, da zogale. Gyaɗa guda-guda kuwa kada a ba ƙaramin yaro, tana iya shaƙe shi.

Ɗura ba ta da wurin zama a nan. In an danne yaro an toshe masa hanci yana kuka, kunun na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo ciwon nimoniya, wani lokaci ma ajali. Wanda ya tsira kuma ya koyi tsoron kwano. Maganin sa cin abinci na kemis, da yawansa na ɗauke da cyproheptadine, wanda ke sa barci da kasala, kuma ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara 2. Ko ya yi aiki na ɗan lokaci, bai taɓa dalilin ƙin cin ba.

To yaya za a bambance wannan da ciwo? Sikeli ne alƙali. Yaron da ke wasa, yana fitsari da bayan gida yadda ya saba, nauyinsa kuma na hawa a katin awo, ba abin tayar da hankali ba ne ko da yau ya ci gobe ya ƙi. A duba cin mako gaba ɗaya. Amma a tafi asibiti in nauyi ya tsaya ko yana sauka, in tafin hannu da cikin ido sun yi fari, in yana cin ƙasa, in akwai zazzaɓi, gudawa, amai, tari mai daɗewa ko ƙuraje a baki, ko kuma yana shaƙewa wajen haɗiya. Ma'aikatan lafiya na auna damtsen yaro da wani tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne. Haka in an danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3 wurin ya loɓa bai taso ba, wannan kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba, kuma a ranar ake kai yaro. Wanda ya ƙi ko da ruwa da nono, ko jikinsa ya saki, shi ma ba a kwana da shi a gida.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, Uwargida, ki gwada tsarin nan na mako 2 zuwa 4, sannan ki ɗauki katinsa ki kai shi awo. In kin je, ki tambaya ko lokacin ba shi maganin tsutsar ciki da bitamin A ya yi, domin duk wata 6 ake bayarwa.